Lebul da sitef: tambayoyi da amsoshi kan yadda malamin gwamnati zai fitar da albashinsa na wata

A ɗakin malamai, daga ranar 25 ga wata gaisuwa ma canzawa take yi. Kafin a tambaye ka iyali an tambaye ka ko alat ya shigo. In ya shigo kuma sai wata hirar ta ɓarke: wannan ya leƙa wayar wancan, a ji wani yana cewa, "Ni da Malam lebul ɗinmu ɗaya, amma ya fi ni dubu shida, me ke nan?" Da yake lissafi nake koyarwa a nan cikin birnin Kano, teburina ake kawo wa irin wannan shari'ar. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa.

Lambobin albashin da zan yi misali da su nawa ne, na zaɓe su ne don su raba kansu ba tare da kwabbai ba. Ba jadawalin wata gwamnati ba ne. Hanyar lissafin ita ce abin ɗauka, sai ka sa lambobin jadawalinka a gurbinsu.

A takardata an rubuta GL 08/5. Me wannan ke nufi?

Lamba ta farko ita ce lebul, ta biyu kuma sitef. Jadawalin albashi kamar bene yake: lebul shi ne hawan da kake, sitef kuma ɗakin da ka kai a cikin wannan hawan. A takarda za ka ga lebul a jere daga sama zuwa ƙasa ta gefen hagu, daga 01 har 17, sitef kuma a jere a layin sama daga hagu zuwa dama. Ka ɗora yatsa ɗaya a kan 08, ɗaya a kan 5, inda suka haɗu nan kuɗinka yake.

Lebul yana zuwa ne daga takardar karatu da ƙarin girma. A tsarin da aka saba, mai NCE yana shiga aiki a lebul 07, mai digiri a lebul 08. Sitef kuwa shekaru ne ke kawo shi, ɗaya a kowace shekara, muddin ba a dakatar maka da shi ba saboda wani horo. A jadawalin ma'aikatan tarayya, wato CONPSS, lebul 01 zuwa 10 suna da sitef 15, lebul 12 zuwa 14 suna da 11, lebul 15 zuwa 17 kuma suna da 9. Ba kuskuren bugu ba ne da ka ga na tsallake 11. Babu lebul 11 a wannan tsarin, daga 10 sai 12.

Wane jadawali zan duba? Akwai da yawa suna yawo a waya.

Wanda ya ɗauke ka aiki shi ne mai jadawalinka. Malamin firamare a Dala ko Gwale ko Fagge yana ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙaramar hukumarsa da SUBEB. Malamin babbar sakandare ta jiha yana ƙarƙashin hukumar kula da manyan makarantun sakandare, na makarantun kimiyya da fasaha kuma suna da tasu hukumar. Duk waɗannan, abin da gwamnatin Kano ta amince da shi ne ke aiki a kansu. Amma malamin Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke nan Kano ma'aikacin tarayya ne, ko da gidansa na kallon naka. Ku biyun za ku iya zama a GL 08/5, kuɗinku ya sha bamban, kuma ba wanda aka cuta.

Saboda haka kafin ka taɓa kalkuleta, duba kan takardar: sunan gwamnatin da ta fitar, lambar sakula, da ranar da jadawalin ya fara aiki. Hoton da aka yanke wa kai aka turo maka a rukunin malamai, ba suna ba kwanan wata, ni dai ba na ɓata tawada a kansa. Nemi kofi a wajen mai kula da albashi a ofishinku ko wajen wakilin NUT na reshenku.

To na samu jadawalin. Ya zan fitar da kuɗin wata?

Idan cikakke ne, ka nemo gidanka, wato inda lebul da sitef ɗinka suka haɗu, ka raba kuɗin shekarar da ke wurin gida 12, shi ke nan. Amma sau da yawa abin da ke hannun mutum gutsure ne: ya san sitef na farko na lebul ɗinsa, ya san ƙarin shekara, sauran kuma hoton ya dushe. Wannan ma ya isa.

Mu ce a jadawalinmu na misali lebul 08 sitef 1 naira 1,200,000 ne a shekara, sitef 2 kuma 1,236,000. Ka cire na farko daga na biyu, ka samu 36,000. Wannan shi ne ƙarin shekara na lebul 08, kuma kowane lebul da nasa. Mu ce wata malama tana sitef 5. Daga sitef 1 zuwa 5 ta ɗaga ƙafa sau huɗu, don haka ƙari huɗu ta tara: 36,000 sau 4, ya ba da 144,000. A haɗa da 1,200,000, albashinta na shekara ya zama 1,344,000. A raba gida 12, a samu 112,000 a wata.

A taƙaice dai:

```
albashin wata = (kuɗin sitef 1 + (sitef − 1) × ƙari) ÷ 12
```

Mai son ya zuba shi a Excel sai ya rubuta:

```
=(1200000+(5-1)*36000)/12
```

Akwai wata gajeriyar hanya da na fi so, domin da ka ake yin ta ko a cikin adaidaita. Ka mai da komai na wata tun farko. Miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara dubu ɗari ne a wata, ƙarin 36,000 kuma dubu uku ne a wata. Sitef 1 dubu ɗari, sitef 2 dubu ɗari da uku, haka za ka yi ta ɗorawa har ka isa sitef 5 a dubu ɗari da goma sha biyu. In ka haddace lambobin nan biyu na lebul ɗinka, ka haddace layin gaba ɗaya.

Malam, me ya sa kake cire ɗaya? Ai sitef 5 ƙari biyar ne.

Nan ne mafi yawan mutane ke zamewa, har da masu koyar da lissafin. Sitef 1 ba ƙari ba ne, wurin tsayuwa ne. Ka tuna da yadda ake gina katanga da ginshiƙai: ginshiƙi biyar, amma tazarar da ke tsakaninsu huɗu ce. Ƙarin shekara shi ne tazarar.

Wani abokin aikina ya taɓa zuwa da fushinsa, takarda a hannu, wai watanni ana yanke masa dubu uku. Muka zauna a benci ƙarƙashin darbejiya na ce ya nuna min aikinsa. Ya ninka ƙarin da biyar ne, ya samu 180,000, ya haɗa ya raba ya fito da 115,000, alhali takardarsa na cewa 112,000. Har ya rubuta wasiƙar koke da hannu mai kyau. Da na ce ya ƙirga tazarar da ke tsakanin yatsunsa biyar, sai ya yi shiru, ya ninke wasiƙar ya sa a aljihu. Alamar wannan kuskuren a bayyane take: idan bambancin da ke tsakanin lissafinka da takardar albashi ya zo daidai da ƙari ɗaya na wata, cif, fara zargin kanka kafin ka zargi akanta.

Ta ya zan gane lambobin jadawalin na shekara ne ko na wata?

Duba gidan farko, lebul 01 sitef 1, ka gwada shi da mafi ƙarancin albashi. A 2024 gwamnatin tarayya ta tsayar da naira 70,000, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya amince da 71,000 ga ma'aikatan Kano. Dubu saba'in da ɗaya sau 12 ya zama 852,000. Idan lambar da ke gidan farko tana kusa da dubu saba'in, jadawalin na wata ne, kada ka sake raba shi. Idan tana kusa da dubu ɗari takwas da wani abu, na shekara ne.

Wannan dubawar tana kama tsohon jadawali ma. Ka ga wajen 360,000 a gidan farko, to kana riƙe da na zamanin dubu talatin ne, na 2019. Ka ga wajen 216,000, wannan tun na dubu goma sha takwas ne na 2011, kuma har yau ana tura irinsa.

Ƙarin shekara ɗaya ne daga farkon layi har ƙarshe?

A cikin lebul ɗaya, haka aka gina shi. Sai dai jadawali na gaskiya ba ya zuwa da lambobi masu santsi irin nawa, za ka ga naira ɗaya ko biyu na bambanci saboda cike kwabo. Wannan ba komai ba ne. Abin da nake ba da shawara shi ne ka gwada sau biyu: sitef 2 a cire sitef 1, sannan sitef 3 a cire sitef 2. In sun zo ɗaya, ci gaba da lissafinka. In sun yi nesa da juna, ajiye dabarar ninkawa ka karanta gidanka kai tsaye, domin jadawalin ne hujja.

Abin da ba za ka yi ba shi ne ɗaukar ƙarin wani lebul ka kai wani. Ƙarin lebul 09 ya fi na 08, na 08 ya fi na 07.

Na lissafa na samu 112,000, amma alat bai kai dubu ɗari ba. Ina sauran?

Jadawali yana ba ka kuɗi ne kafin a taɓa shi. Alat kuwa abin da ya rage ne bayan kowa ya ɗebi nasa. Gwada lambar jadawali da alat kamar gwada buhun shinkafa ne da abin da ya rage bayan an sheƙe an tsince.

Mu bi na malamar nan. Ana cire wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari na fansho. In aka ɗauka daga dukkan 112,000 aka cire, ya kama 8,960. Sai haraji. A dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu, naira miliyan 2.2 da ke biye kuma kashi 15 ne. Albashinta na shekara 1,344,000 ne, a cire fanshon shekara, wato 107,520, saura 1,236,480. A cire 800,000, saura 436,480. Kashi 15 na wannan shi ne 65,472 a shekara, wato 5,456 a wata, in ba ta da wani rangwame. Bayan fansho da haraji kaɗai ta sauko 97,584. Ba a zo kan kuɗin ƙungiya ba, da na asusun lafiya na taimakekeniya, balle in ta ci bashin banki ko ta karɓi shinkafar azumi a bashi ta hannun ƙungiyar ma'aikata.

Abu ɗaya da ya cancanci a tsaya a kai: kowane kashi cikin ɗari yana da abin da ake ɗora shi a kai. Wani daga ainihin albashi ake cire shi, wanda muke kira besik, wani daga besik haɗe da wasu alawus, wani daga jimla. Kashi 8 na 112,000 daban, kashi 8 na besik ɗin da bai kai haka ba daban. Don ka gane wanne aka yi maka, raba kuɗin da aka cire da 0.08, lambar da ta fito ita ce tushen da aka yi amfani da shi. Sai ka neme ta a takardar albashinka.

Haka abin yake a ɓangaren ƙari. Alawus ɗin malamai na kashi 27.5 da NUT ta cimma da gwamnoni bayan yajin aikin 2008 kowace jiha da yadda ta aiwatar da shi. Idan akwai wani alawus da ke tsaye a layinsa daban a takardarka, cire shi gefe kafin ka gwada jimlar da jadawali.

Wannan ita ce amsar mai cewa Malam ya fi shi dubu shida alhali lebul ɗaya. Ko dai Malam ya fi shi sitef biyu, dubu uku sau biyu, ko kuma sitef ɗinsu ɗaya amma ana cire wa ɗayan bashi.

Ban san sitef ɗin da ake biyana a kai ba. Zan iya gano shi daga kuɗin?

Ƙwarai, lissafin nan dai za ka bi da baya. A ganina ma wannan ya fi amfani, domin abin da ke cikin fayil ɗinka da abin da ke cikin na'urar biyan albashi ba kullum suke tafiya tare ba.

Ɗauki kuɗin wata kafin cire-cire, ban da alawus na gefe. Mu ce 118,000 ne, kana lebul 08. Ninka da 12, ka samu 1,416,000. Cire sitef 1, wato 1,200,000, saura 216,000. Raba da ƙarin 36,000, ka samu 6. Ƙari shida ke nan, sai ka mayar da ɗayan nan da muke cirewa: a sitef 7 ake biyanka.

Yanzu sai ka tambayi kanka ko nan ya kamata ka kasance. Ɗauko takardarka ta ƙarshe, ta ɗaukar aiki ko ta ƙarin girma, ka ga sitef ɗin da aka ajiye ka da shekarar. In an ajiye ka a 08/4 kuma ƙarin shekara ya zagayo sau huɗu tun daga nan, 08/8 ne gidanka, dubu ɗari da ashirin da ɗaya. Ana biyanka a 7, ke nan akwai ƙari ɗaya da ya maƙale a hanya, dubu uku duk wata.

Idan rabon bai fito da lamba cikakkiya ba, ka samu irin 6.4 ko 2.7, kada ka cike ta da ƙarfi. Tana gaya maka ne ɗaya daga cikin uku ya faru: ka yi amfani da alat maimakon jimla, ko wani alawus ya shiga cikin lambar, ko jadawalin da ke hannunka ba shi ne ake biya da shi ba.

Ina da digiri ina lebul 08, amma wata malama mai NCE a lebul 07 ta fi ni albashi. Wannan daidai ne?

Daidai ne, kuma da gangan aka tsara shi haka. Layukan jadawali suna hawa kan juna, ƙarshen na ƙasa ya wuce farkon na sama. A misalinmu, a ce lebul 07 yana farawa da 1,020,000, ƙarinsa 30,000. A sitef 7 ya kai 1,200,000, ya kamo farkon lebul 08. Malamar da ke 07/10 tana da ƙari tara, 270,000, jimla 1,290,000, wato 107,500 a wata. Kai sabon shiga a 08/1 kana da 100,000. Ta fi ka 7,500, kuma shekarun da ta yi tana shaƙar ƙurar alli ne suka ba ta. Sai dai naka ƙarin dubu uku ne a wata, nata dubu biyu da ɗari biyar, kuma rufinka ya fi nata tsawo.

An yi min ƙarin girma daga 07/10, sai na ga an rubuta 08/5. Ba rage min sitef aka yi ba?

Lambar ce ta ragu, kuɗin ya ƙaru. Ba a ɗaukar sitef a tafi da shi sabon lebul kamar jaka. Abin da ake kallo shi ne kuɗin da kike karɓa, sai a nemo miki gida a sabon layi wanda ya ɗara shi. A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, wadda jihohi ke ɗora nasu a kai, ana fara lissafa ƙarin shekarar da za ki samu da ba a ɗaga ki ba, sannan a ajiye ki a gida na gaba da ya fi wannan jimlar.

Ga yadda yake. A 07/10 kina da 1,290,000. A ɗora ƙarin lebul 07, 30,000, ya zama 1,320,000. Yanzu bi layin lebul 08: 1,200,000, sai 1,236,000, sai 1,272,000, sai 1,308,000, duk ba su kai ba. Na biyar, 1,344,000, shi ne na farko da ya wuce. Don haka 08/5, kuma albashinki ya tashi daga 107,500 zuwa 112,000.

Ki lura da abin da zai faru in mai lissafin ya manta da ɗora ƙarin nan na 30,000. Zai gwada da 1,290,000 ne, ya ga 1,308,000 ya wuce shi, ya ajiye ki a 08/4, dubu ɗari da tara. Dubu uku ce kawai a wata, mutum zai ce ba ta kai a tada jijiyar wuya ba. Amma wannan kuskuren ba ya warkewa da kansa. Kowace shekara kina bayan gidanki da taki ɗaya, in aka zo ƙarin girma na gaba kuma daga wannan gidan za a sake lissafi, haka zai bi ki har ranar da za a lissafa kuɗin sallama. Shi ya sa ranar da takardar ƙarin girma ta iso hannunki, bayan an gama barka da arziki, ki zauna ki yi wannan lissafin kafin ki sa ta a jakar takardu.

Wanda ke ƙananan sitef kuwa ba shi da wannan dogon aiki. Mai 07/3 yana da 1,080,000, ko an ɗora ƙarin bai kai 1,200,000 ba, sai a ajiye shi a 08/1.

Shekara nawa ake yi kafin a tashi daga lebul zuwa lebul?

A ƙa'ida, shekara biyu ga lebul 06 zuwa ƙasa, uku ga lebul 07 zuwa 14, huɗu ga na sama da haka. Wannan mafi ƙarancin lokacin da za a duba ka ne, ba alƙawari ba ne. Sitef shi ke zuwa da kalanda, lebul sai an zauna a kanka.

Takardar ƙarin girma ta fito tun tuni amma sai yanzu kuɗin ya canza. Nawa ne ariyas ɗina?

Bambancin wata sau adadin watannin. Malamar da ta tashi daga 107,500 zuwa 112,000 tana bin 4,500 a kowane wata. In ƙarin girman ya fara aiki daga Janairu amma sabon kuɗi bai bayyana ba sai a albashin Agusta, watanni bakwai ke nan, Janairu zuwa Yuli, 31,500 kafin a cire fansho da haraji, domin ariyas ma ana taɓa shi.

Sai dai karanta takardar da kyau. Wani lokaci tana ɗauke da ranaku biyu: ranar da girman ya fara ƙirguwa a fayil, da ranar da kuɗi ya fara. Ta farkon tana da amfani wajen lissafin shekarun ƙarin girma na gaba, amma ariyas daga ta biyun ake ƙirga shi. Na sha ganin wanda ya ƙirga daga ta farko, ya riga ya yi wa kuɗin hidima a zuciyarsa, har ya yi wa mai siminti alƙawari.

Idan jinkirin ya tsallaka lokacin ƙarin shekara, raba lissafin gida biyu. Watannin da ya kamata a biya ka a 08/5 daban, waɗanda ya kamata a ce ka koma 08/6 daban, kowanne a cire abin da aka biya ka a zahiri a wannan watan.

Shekara biyu ke nan albashina bai motsa ba, ina 07/15.

Kin kai bango. Babu sitef 16, don haka ƙarin shekara ya tsaya, a misalinmu a kan 120,000, har sai an ɗaga ki zuwa lebul na gaba ko an sauya jadawalin baki ɗaya. A nan maganar ba ta ofishin albashi ba ce, ta masu ƙarin girma ce. Zuwa ƙarshen layi ma kansa alama ce cewa mutum ya daɗe ba a duba shi ba.

In an ƙara mafi ƙarancin albashi, da kashi ɗaya ake ƙara wa kowa?

A'a. Daga dubu talatin zuwa dubu saba'in ya fi ninki biyu, amma wannan na mai lebul 01 ne. Sauran lebul ana zama ne da ƙungiyoyin ƙwadago a daidaita, kuma yawanci kason yana raguwa yayin da ake hawa sama. Kada ka ninka tsohon albashinka da abin da ka ji a rediyo.

Amma akwai abin da za ka iya ganowa da kanka in ka jera tsohon jadawali da sabo. In kuɗi tsayayye aka ɗora wa lebul ɗinka, misali dubu ashirin a wata ga kowa, duk gidajen za su tashi tare amma ƙarin shekara zai zauna yadda yake, 36,000. In kashi cikin ɗari aka yi, misali kashi 10, ƙarin ma zai kumbura ya koma 39,600. Saboda haka duk lokacin da sabon jadawali ya fito, sake fitar da ƙarin daga sitef 1 da 2, kada ka yi aiki da wanda ka haddace bara.

Na tabbatar an ajiye ni a sitef ɗin da ba nawa ba. Me zan ɗauka in je da shi?

Kofin takardar ɗaukar aiki, kofin takardar ƙarin girma ta ƙarshe, takardun albashi na watanni uku a jere, da shafin jadawalin da ke aiki yanzu. Sannan takarda guda da ka rubuta lissafin a layi huɗu: inda aka ajiye ni da shekarar, inda ya kamata in kasance yau, inda kuɗin ya nuna ana biyana, da bambancin wata. Ka rubuta ta hannun shugaban makarantarku, ya sa hannu da hatimi, ka riƙe kofi mai ɗauke da ranar da aka karɓa.

Na taɓa raka wata dattijuwar malama wani ofishi kan irin wannan. Ta yi zuwa uku a baya tana cewa kuɗinta bai cika ba, ana ce mata a dawo. A karo na huɗu ta miƙa takardar nan mai layi huɗu ta ce, "Ranka ya daɗe, 09/6 ya kamata, ana biyana a 09/4." Jami'in ya gyara tabarau, ya jawo kalkuletarsa ya danna sau biyu, sannan ya ce wa masinja ya ɗauko fayil ɗin Hajiya.